Bashin da abokin haɗaka ya ciyo, wa zai biya? Amsar Yaya Barista

Tambaya: Salam Yaya Barista, don Allah a taimaka min. Mu uku muka haɗa jari muna sayar da shinkafa da sukari da fulawa a kasuwar Singa, ni na sa miliyan 2, ɗaya ya sa 4, ɗayan 6, kuma mun yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Mun yi da baki ba mai karɓo kaya bashi sama da miliyan 1 sai da sanin sauran. Mai miliyan 4 ɗin ya je wajen dilanmu ya karɓo kayan miliyan 9 ba mu sani ba, ya kwashe kuɗin asusu, yanzu wayarsa a kashe. Abin da ya rage a shago bai fi na miliyan 3 ba. Dila ya ce ni zai bi tunda ni yake gani. Ni da ban ci ban sha ba, zai iya?

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya mayar da alheri, wallahi na ji ba daɗi. Na ce bari in yi murya saboda rubutu ba zai ɗauka ba, kuma na san a gurup ɗin nan akwai mutane da yawa masu irin wannan haɗakar, toh kowa ya saurara.

Amsar a gajarce ita ce eh, zai iya binka, kuma ba kason ka kawai ba, duka kuɗin zai iya nema a wajenka. Na san ba abin da kake so ka ji ba kenan amma gara ka ji daga bakina yanzu da ka ji a gaban alƙali. Sai dai akwai ƙofofi da za a duba, zan zo kansu, kar ka karaya tukuna.

Dokar da ake bi a wannan harkar tsohuwa ce, dokar haɗin jari ta Ingila ta 1890, ta shigo mana ne cikin dokokin da muka gada tun zamanin Turawa, jihohin da suka rubuta tasu kamar Legas ma a kanta suka gina, saboda haka a kan wannan maganar da muke yi kusan bakinsu ɗaya. Sashe na 5 shi ne tushen komai. Abin da ya ce shi ne duk wanda ke cikin haɗaka wakili ne na haɗakar kuma wakili ne na kowane ɗaya daga cikin abokansa, a kan harkar da suke yi. Ma'ana ranar da kuka haɗa kuɗi kuka buɗe shago kuna raba riba, a ranar ka naɗa shi wakilinka ko ba ka furta ba, shi ma ya naɗa ka nasa. Ka ga in ka aiki yaron shagonka wajen dila kullum yana karɓo maka kaya kana biya, rana ɗaya ya karɓo ya ɓatar a hanya, ai ba za ka ce wa dila ya je ya nemi yaro ba, kai ka saba masa da yaron. Toh haka doka take kallon abokin haɗaka, har ma shi ya fi ƙarfi don shi mai shago ne.

Sai sashe na 9 ya ɗora, ya ce kowane abokin haɗaka yana ɗauke da duk bashin da haɗakar ta ci a lokacin da yake ciki, tare da sauran. Kuma babu iyaka. Nan ne mutane ke ruɗewa, suna zaton iyakar abin da za su rasa shi ne jarin da suka zuba. A'a. Miliyan 2 ɗinka ba ita ce iyaka ba, in kotu ta yanke hukunci kuma kayan shago ba su isa ba, ana iya zuwa kan motarka, kan kuɗin da ke asusunka na kanka, in ta kai ta kawo har fili ko gida. Dalili kuwa a idon doka haɗakar ba wani mutum ba ne daban da ku, ku ne ita, ita ce ku.

Ita kuma rajistar CAC ɗin da ka ambata, don Allah 'yan gurup ku ji wannan da kyau saboda kullum sai an zo min da satifiket ana cewa ai muna da kamfani. Ku ɗauko takardar ku duba. In rajistar suna ce kawai, wato biznes nem, irin wadda lambarta ke farawa da BN, toh suna kawai kuka yi wa rajista, ba ta raba aljihunka da aljihun shago ba ko na sisi. Hasali ma a irin wannan shari'ar ita ce shaida ta farko da lauyan dila zai ɗauko, ya ce ga sunayensu nan su uku a CAC, su ne masu shagon.

Yanzu maganar alkawarin da kuka yi na miliyan 1. Wannan alkawari yana da ƙarfi, ko da baki aka yi, amma a tsakaninku ku uku yake aiki. Bai shafi dila ba sai in ya san da shi. Sashe na 8 ne ya yi wannan bayanin, in abokan haɗaka sun taƙaita ikon ɗayansu, wanda takunkumin zai yi aiki a kansa shi ne mutumin waje da labari ya kai masa. Wanda bai sani ba yana da haƙƙin ya ɗauka cewa mai shagon shinkafa yana da ikon karɓo shinkafa bashi, tunda haka kowa ke yi a kasuwar.

Akwai wata shari'a da aka yi a Ingila a 1962, Mercantile Credit da Garrod, duk wanda ya karanta wannan fannin ya san ta kuma ta yi kama da taka sosai. Mutum biyu ne suka haɗa gareji, suna gyaran mota suna ba da hayar wurin ajiye mota, kuma a yarjejeniyarsu sun cire saye da sayar da mota, ba ya cikin harkarsu. Shi Garrod ɗin kuɗi kawai ya sa, ba ya ma zama a wajen. Abokinsa ya tashi ya sayar wa wani kamfanin ba da lamuni motar da ba tasa ba a kan fam 700. Da abu ya tonu kamfanin ya yi ƙarar Garrod, shi kuma Garrod ya ce ni ban sani ba kuma mun rubuta ba ma sayar da mota. Kotu ta ce ba abin da kuka rubuta a tsakaninku za a duba ba, abin da mutumin waje ke gani za a duba, kuma sayar da mota abu ne da masu gareji suka saba yi, saboda haka ka biya. Ka ga nasu ma a yarjejeniya yake ƙarara, amma bai cece shi ba saboda bai isa kunnen wanda aka yi cinikin da shi ba.

Ni a ganina hukuncin nan ba zalunci ba ne duk da yana da ciwo. Mutum biyu ne ba su da laifi, kai da dila, dole ɗaya ya ɗauki asarar, sai doka ta tambaya waye a cikinku ya zaɓi mutumin nan, waye ya gabatar da shi ga kasuwa, waye yake cin riba da shi lokacin da abu ke tafiya daidai, waye ke da damar duba littafi ya gane da wuri. Duk amsar tana faɗowa kanku ne.

Toh bari mu zo kan ƙofofin, kuma ina so ka samu biro ka rubuta abin da zan ce ka nemo.

Ta farko kuma mafi girma, shin dilan ya san da iyakar miliyan 1 ɗin? Ka zauna kai da na ukunku ku tuna, akwai ranar da wani a cikinku ya gaya masa, ko ya tura masa tes ko saƙon WhatsApp cewa kar a ba kowa kaya sama da kaza sai an kira mu? Akwai wanda yake wajen ya ji? Ko akwai lokacin da shi dilan da kansa ya taɓa kiranka ya ce wane ya zo karɓar kaya masu yawa in ba shi? In ya taɓa yin haka ko sau ɗaya, wannan kiran zinare ne a wajenka, domin yana nuna ya san akwai ƙa'ida, sannan wannan karon ya ƙi kira. In aka tabbatar ya sani, bashin ya koma kan wanda ya ciyo shi kaɗai. Amma ka duba ɗaya gefen ma, in a baya mutumin nan ya sha karɓo kayan miliyan 2 ko 3 ba ku sani ba, kuna zuwa kuna biya daga asusun shago ba ku ce uffan ba, toh da hannunku kuka rushe ƙa'idar, kun koya wa dila cewa babu iyaka.

Ta biyu, wane irin kaya ya karɓa kuma ta wace hanya. In shinkafa ce da sukari da fulawa, harkarku ce, wannan ƙofar a rufe take ta ɓangaren nau'in kaya. Da a ce siminti ya karɓo ko babura ko ya ci bashi da sunan shago don ya yi biki, sashe na 7 ya ce abin da a fili bai da alaƙa da kasuwancin ba ya hawa kan sauran sai in sun ba shi izini na musamman. Sannan akwai yadda aka yi cinikin, doka ta ce ta hanyar da aka saba. In ku kullum kayan dubu 500 zuwa dubu 800 kuke ɗauka, kwatsam mutum ɗaya ya zo ya ce a loda masa na miliyan 9, kuma ya ce kar a kai shago a sauke a wani sito daban ko a juye a wata mota mai fita gari, lauyanka zai iya tsayawa ya ce wannan ba hanyar da aka saba ba ce, duk dila mai hankali zai ɗaga waya ya tambaya. Ba na ce tabbas za a ci da wannan ba, yawan kuɗi kaɗai ba ya isa, amma in ya haɗu da sauke kaya a baƙon wuri yana da nauyi. Saboda haka ka nemo direban da ya ɗauki kayan da 'yan dakon da suka loda, ka san ina aka sauke.

Ta uku, da sunan wa aka rubuta. Ka nemi a nuna maka rasit da littafin bashi na dilan, ka ɗauki hoto. In sunan shagonku aka rubuta a shafinku da aka saba, toh haɗaka aka ba. In kuwa shafi daban aka buɗe masa da sunansa shi kaɗai, yana biya daga asusunsa na kansa, wannan yana nuna shi dilan ya yarda da shi ne a kan kansa, ba a matsayin ɗayanku ba. Da yawa daga 'yan kasuwa suna da harkar gefe bayan ta haɗaka, kuma sai abu ya lalace dila ya nemi ya jingina bashin gefen a kan shago saboda nan ne ake ganin mutane. Kar ka yarda da magana, takarda za ka gani.

Kafin ka gama tattara waɗannan, abu biyu kar ka yi. Kar ka sa hannu a kowace takarda da ke cewa ka ɗauki nauyin biya, ko a gaban shugabannin kasuwa ne ko a ofishin 'yan sanda, domin da ka sa hannu duk ƙofofin nan uku ka rufe su da kanka, ya zama sabon alkawari naka. Kuma in akwai ragowar kayan nan da ya karɓo a cikin shagonku, kar ku sayar, ku ware su gefe ku ƙirga a gaban shaidu, in ta yiwu a mayar wa dila a rage daga lissafi. Sayar da su bayan kun san yadda aka samo su, kotu za ta iya ɗauka kun amince da cinikin. Haka kuma kar wani ya ba ka shawarar ka kwashe kayan shago cikin dare ko ka mayar da motarka sunan matarka, wannan yana mayar da mai gaskiya marar gaskiya.

Maganar 'yan sanda tunda na taɓo ta, bashin ne yake ratsowa ya same ka, laifin ba ya ratsowa. In shi ya yi zamba shi za a tuhuma. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Saboda haka in aka gayyace ka ka je da lauya, ka ba da bayani, kuma ni shawarata ku biyun ku riga kowa kai ƙorafi a kan kuɗin asusun da ya kwashe, ku ma an cuce ku ai.

Toh mu ɗauka ƙofofin duk ba su buɗu ba, bashin ya tabbata na haɗaka ne, bari mu yi lissafin da alƙalummanka. Ana bin miliyan 9, an sayar da abin da ke shago an samu 3, saura 6. Shi dila ba ruwansa da wa ya sa nawa, in ya samu hukunci a kanku zai bi wanda ya fi sauƙin kamawa ya karɓi 6 ɗin nan gaba ɗaya, in kai ne toh kai ne. Shi ya sa in sammaci ya zo da sunanka kai kaɗai, abu na farko da lauyanka zai nema shi ne a shigo da sauran biyun cikin ƙarar.

Bayan an sallami dila sai a dawo lissafin cikin gida, kuma nan akwai abin da zai ba ka mamaki. Jarinku gaba ɗaya 12 ne ya tafi, ga 6 da za a ciko, asara ta zama miliyan 18. Doka ta ce asara tana bin yadda kuke raba riba. In da ma riba kuna raba ta ne gwargwadon jari, kai kashi ɗaya shi biyu ɗayan uku, toh asararka 3 ce, ka riga ka rasa 2, za ka ciko 1. Wanda ya gudu tasa 6, zai ciko 2. Na ukunku tasa 9, zai ciko 3. Ka ga 1 da 2 da 3 sun ba da 6 ɗin. Amma in riba daidai wa daida kuke rabawa, ko ba ku taɓa tsayar da magana a kai ba, sashe na 24 ya ce daidai ake rabawa ba a duba wa ya fi zuba kuɗi. Sai 18 ta kasu uku, kowa 6. Mai jarin 6 ya riga ya gama nasa ba zai ƙara ko kwabo ba, wanda ya gudu zai ciko 2, kai mai ƙaramin jari kai ne za ka ciko 4. Saboda haka ka je ka nemo duk wata shaida ta yadda kuka raba ribar baya, alat na banki, littafi, saƙonni, domin tsakanin miliyan 1 da miliyan 4 wannan shaidar ce. Kuma a kowane lissafi kason wanda ya gudu ku biyu zai faɗo wa har sai an same shi. In an same shi kuna da haƙƙin ku bi shi duk abin da ya jawo, ba kasonsa kawai ba, tunda ya karya alkawarinku kuma ya ci amana, a nan ne alkawarin miliyan 1 ɗin zai yi muku amfani. In yana da fili ko gida ko mota a gari, ku gaya wa lauya da wuri.

Ko a fiƙihunmu na Malikiyya ma an san wannan bambancin, akwai tarayyar mufawada inda kowa aka sakar masa hannu ya saya ya sayar kuma abin da ya ƙulla ya hau kan ɗan'uwansa, akwai ta inani inda aka yi sharaɗi ba mai zartar da komai shi kaɗai. Na faɗa ne saboda in maganar ta je gaban malamai ko kotun shari'a don sulhu, tambayar farko da za a yi muku kenan, wace iri kuka ƙulla kuma wa ya shaida.

Abu mafi gaggawa yanzu ma ba wannan miliyan 9 ɗin ba ne, shi ne mutumin nan har yanzu da nake maganar nan wakilinka ne. Wayarsa ce a kashe, ikonsa ba a kashe yake ba. Gobe zai iya ɓulla wajen wani dilan da kuke hulɗa da shi wanda labari bai kai masa ba ya sake loda kaya da sunan shagon, kuma ya sake hawa kanku. Saboda haka yau ɗin nan, ba gobe ba, ku rubuta takarda ku biyu ku sa hannu, ku kai wa kowane dila da kowane kwastoma da kuka taɓa hulɗa da shi ɗaya bayan ɗaya, cewa daga yau wane ba shi da ikon karɓar kaya ko kuɗi da sunan shagon nan, kowa ya sa hannu a kwafi ya ba ku, ku kuma tura ta WhatsApp ku adana shaidar an karanta. Masu riƙe da kuɗinku su ma a gaya musu kar su biya shi. Ku je banki ku sanar a rubuce a dakatar da sa hannunsa. Tunda ba ku ɗibar wa haɗakar wa'adi ba, kowane ɗayanku yana da ikon ya raba ta ta hanyar sanar da sauran, toh ku aika masa takardar rabuwa a adireshinsa na ƙarshe da lambarsa, ku sanar da CAC, a buga sanarwa a gazet da jarida saboda waɗanda ba su taɓa hulɗa da ku ba. Amma tsofaffin abokan ciniki jarida ba ta wadatar a kansu, sai an kai musu hannu da hannu.

Kuma kar ka ɗauka fita daga haɗakar zai wanke ka daga wannan bashin, sashe na 17 ya ce wanda ya fita yana nan ɗauke da bashin da aka ci yana ciki, sashe na 9 kuma ya ce ko mutuwa mutum ya yi ana bin dukiyar da ya bari. Hanya ɗaya ce ke sauke shi, shi mai bin bashin da kansa ya yarda ya sake ka. Shi ya sa in kun je sulhu da dila, kuma ni ina ganin sulhun ya fi muku in takardunsa sun nuna sunan shago, kar ka biya ko naira ɗaya sai an rubuta nawa ne jimilla, nawa kai za ka biya, a wata nawa, kuma an rubuta ƙarara cewa in ka cika wannan ya sake ka daga sauran. In ba a rubuta haka ba duk abin da ka bayar ragi ne kawai, zai karɓa ya dawo neman ciko.

In kun farfaɗo kuna son ci gaba ku biyu, kar ku koma kan biznes nem. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta kawo LLP, haɗaka ce amma ita mutum ce a kan kanta, bashinta nata ne kuma ɓarnar abokinka ba ta bin ka gida, ko ku yi kamfani limitid kai tsaye. Sai dai ba zai goge tsohon bashin nan ba, kuma in banki ko dila ya ce ka sa hannu ka tsaya wa kamfanin da kanka, ka sani ka dawo da aljihunka ciki.

Ka turo min ta firaibet hoton satifiket ɗin CAC, da shafin littafin dila inda aka rubuta kayan, da sitetmen na asusun shago na wata shida da suka wuce, in na duba zan gaya maka wace ƙofa ce za mu fara bi. Takardar sanar da dilolin kuma zan rubuta maka samfurinta in turo kafin la'asar in sha Allahu, ku buga ku fara rabawa yau.